Rangwame Ba Rasit

Manaja ɓarawo ne. Na faɗa a gabansa, na faɗa a gaban sakatariyarsa, kuma duk inda aka tsayar da ni zan sake faɗa. Ba ya haura katanga, ba ya yankan aljihu a tasha. Yana zaune ne a hawa na biyu, bayan teburin gilas, da na'urar sanyi a kansa da turare kamar an zuba masa da bokiti. Amma abin da ya yi wa ɗana sata ce, ko da wane suna ya sa mata.

Ni dillaliya ce. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Tun ina goyon fari nake yawo da kayan mutane: gado, katifa, tukwane, firji, keken ɗinki. Mai kaya ya ba ni, in nemo mai saye, in karɓi la'adata. Da wannan na yi rainon 'ya'yana bayan rasuwar ubansu. Saboda haka in ana maganar wanda ke tsayawa tsakanin mutum biyu ya ci abinci, ba baƙuwa ba ce ni.

Babban ɗana, Dogo, direban manyan motoci ne. Kamfanin da yake wa aiki ya karye, aka sayar da motocin, aka sallame su da godiya. Ya zauna a gida har ya fara sanin lokacin da kowace maƙwabciya ke shanya. Yana da mata da yara uku, ɗakinsu yana kallon nawa. Namiji mai ƙarfi, wanda ya saba kwana a hanya, sai ga shi yana gyara marfin tukunya don ya samu abin yi da hannu. Matarsa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, sai dai ta daina dariya, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Sai wani abokinsa ya nuna masa talla a waya. Wani kamfanin samar da ma'aikata, irin waɗanda suke nemo wa manyan kamfanoni mutane, yana neman direbobi don wani kamfanin rarraba kayan sanyi. Dogo ya je, ya cike fom, aka yi masa tambayoyi, aka ce ya dace. Ya dawo da fara'a rabi.

"Inna, aikin ya samu. Amma akwai kuɗin rajista, da kuɗin riƙe gurbi."

"Nawa?"

Ya faɗa. Ya kusa albashin wata biyu na aikin da bai fara ba.

Ban yi mamaki ba, kuma ku ji dalili. A sana'ata, mai sayarwa shi ke biyan la'ada. Na ce a raina, Dogo ƙarfinsa yake sayarwa, Manajan kamfanin nan dillali ne, to haƙƙinsa ne. Abin da kawai ban yarda da shi ba shi ne farashin. Ba a haifi wanda zai faɗa mini kuɗi in biya yadda ya faɗa ba. Na ce wa Dogo, "Kai ba ka iya ciniki ba, ko albasa aka aike ka sai an cuce ka. Gobe tare za mu."

Ofishin yana saman wani shagon sayar da tayoyi. Matakalar ƙunci gare ta, ɗakin jira cike da kujerun roba, mutane zaune kowa da ambulan a cinya. A bango akwai wata takarda cikin firam mai hatimi. Dogo ya ce mini lasisinsu ne na hukuma. Hankalina ya ƙara kwanciya.

Manaja ya tashi tsaye da ya gan ni. "Hajiya da kanki? Bismilla, ga kujera."

"Ban je ba tukuna," na ce. "In ka rage mini kuɗin nan wataƙila in tara na tafiya."

Ya yi dariya har da dukan tebur. Muka shiga ciniki. Na taya, ya ce albarka. Na miƙe kamar zan tafi, ya ce in zauna. Na ce masa ɗana bai taɓa buge ko akuya ba, irinsa shi ya kamata a biya. Dogo yana gefe yana zufa, yana taka mini ƙafa. Can sai Manaja ya sunkuyo, ya rage murya.

"Mama, don ke ce. In da rasit ne, kuɗin yana nan yadda yake, saboda haraji. In ba rasit, hannu da hannu, na yafe miki kashi ɗaya cikin uku."

Rasit! Ni da na sayar da gadajen rabin unguwa ban taɓa ba kowa takarda ba. Takardar da ba zan iya karantawa ba, me zan yi da ita? Na ce, "Riƙe takardarka, ba ni rangwamena." Na kwance bakin zane na ba shi rabin kuɗin daga jarina. Sauran rabin muka yi da shi sai Dogo ya karɓi albashin farko. Ya ce to, amma a bar lasisin tuƙin Dogo a wurinsa, na ainihi, don cike wasu takardu, kuma ya zama shaida tsakaninmu. Jingina ke nan, na san jingina. Dogo ya zaro ya miƙa, Manaja ya jefa a aljihun tebur ya murɗa makulli.

Na sauko matakalar nan ina jin kaina. Har na tsaya na saya wa jikokina alewa.

Ranar Laraba aka kira Dogo gwajin tuƙi a harabar kamfanin kayan sanyin. Ya ci. Amma da ya dawo bai leƙo ɗakina ba, ya shige nasu ya ja labule. Da la'asar ina wanke wata tukunya da aka kawo sayarwa, sai matarsa ta zo ta tsuguna kusa da ni kamar za ta taya ni.

"Inna, ya ce kada in gaya miki."

"To kin riga kin fara."

Ta ce shugaban direbobin kamfanin ya gaya wa Dogo ya zo Litinin da safe da lasisinsa na ainihi, don ba sa miƙa wa kowa makullin mota sai sun gani da ido. Dogo ya ce lasisin yana wurin Manaja har sai ya cika kuɗi. Mutumin ya ce, wane kuɗi? Mu muke biyansu a kan kowane direban da suka kawo mana. Dogo ya fito ya kira Manaja, Manaja ya ce ai sauƙi ne, a kawo cikon kafin Litinin a karɓi lasisi. Maganar albashin farko kuwa, wai bai tuna an yi ta ba.

Na ajiye soso. Na taɓa ganin dillalin da ya ci ta wajen mai kaya, ya zagaya ya ci ta wajen mai saye a ɓoye. Kasuwa gaba ɗaya ta daina gaishe shi.

Na ɗaga labulensu ba sallama. "Dogo, gaskiya ne sun biya shi?"

Ya harari matarsa, sannan ya ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan. Kowa haka yake biya. Zan nemo rance in cika, in karɓi lasisina, in fara aiki. In na fara aiki komai ya wuce."

"Kuɗin jarina ya wuce?"

"Zan mayar miki."

"Ba mayarwa nake tambaya ba. Tambaya nake, yana da ikon karɓa ko ba shi da shi?"

"Ban sani ba, kuma ba na son in sani!" Bai taɓa ɗaga mini murya haka ba. Ya sauke kai. "Ki yi haƙuri. Inna, ƙaramin ya tambaye ni jiya ko ni ma an kore ni daga makaranta ne shi ya sa nake gida. Ki bar ni in fita daga gidan nan da safe kamar kowane uba."

Na fita. Amma tambayar ta kwana da ni. Da gari ya waye na yafa mayafi na tafi wurin wani mai shagon buga takardu da muke mutunci, na tambaye shi wa ke da iko a kan masu ɗaukar ma'aikata. Ya ce ofishin ƙwadago, su ke ba su lasisi, su ke karɓar ƙorafi. Ya kwatanta mini.

Ofishin ƙwadago ba na'urar sanyi. Fanka ɗaya ce tana kuka, da benci, da tulin fayil har taga. Aka tura ni tebur zuwa tebur, har na faɗa hannun wata jami'a mai tabarau a goshi, tana cin gyaɗa daga aljihun tebur.

"Mama, me ke tafe da ke?"

"Tambaya ɗaya. Mai samo wa mutum aiki, halal ne ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aikin?"

Ta sauke tabarau. "Ya karɓa ne, ko zai karɓa?"

"Ya karɓi rabi, yana jiran rabi."

Ta ja kujera ta ce in zauna. Ta tambayi sunan kamfanin, na faɗa mata yadda na ji ana faɗa, ta duba a kwamfuta ta ce suna da lasisi, bara ma aka sabunta. Na ce to shi ke nan, ashe da izininku yake yanka mu.

"A'a, Mama. Lasisin izinin yin sana'ar ne, kuma da sharaɗi aka ba shi. A dokarmu, kamfanin da ke neman ma'aikata shi ke biyan wanda ya nemo masa su. Mai neman aiki ba a karɓar komai a hannunsa don a sama masa aiki. Akwai ƙasashen da suka yarda a karɓi wani abu kaɗan da doka ta ƙayyade, mu nan ba haka ba ne."

"Shi bai ce kuɗin aiki ba. Rajista ya ce, da riƙe gurbi."

"Ko ya ce kuɗin shara ne. In dai sai an biya za a samu aikin, abu ɗaya ne. Da a ce ɗanki ne da kansa ya ce su tsara masa takardar neman aiki, ko su koya masa wani abu, wannan suna iya sa farashi, muddin in ya ƙi ba za su hana shi gurbi ba. Ya nemi wani abu irin wannan?"

"Tuƙi ya iya, tuƙi ya je nema."

Da na gaya mata maganar lasisin tuƙi, sai ta daina tauna gyaɗar. Ta ce wannan laifi ne daban. Suna iya dubawa su ɗauki kwafi, amma ba su da ikon riƙe takardar mutum ta ainihi, balle su mai da ita jingina.

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini dutse. Na ce, "To tashi mu je. Ba nisa, ni zan biya kuɗin mota."

Ta yi murmushin da ban so ba. "Ba haka ake yi ba. Sai an shigar da ƙorafi a rubuce, kuma ɗanki ne zai sa hannu, shi aka yi wa. Sannan mu gayyaci kamfanin su zo su ba da amsa. In ya tabbata, za a sa su mayar da kuɗi, ana iya cin tararsu, ana iya janye lasisin. Kawo rasit ɗin in gani."

Na girgiza kai.

"Babu? To ta banki kuka tura?"

"Hannu da hannu."

"Saƙon waya fa, inda ya faɗi kuɗin? Ko wani da ya gani?"

"Daga ni sai Dogo sai shi." Sannan na ƙarasa, "Ya ce in ba rasit zai rage."

Ba ta yi mini dariya ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce ba ni ce ta farko ba, rangwamen nasu ke nan kullum. Ta ce duk da haka a shigar da ƙorafin, maganar mutum biyu ma shaida ce, sai dai ba ta kai takarda ƙarfi ba. Ta lissafa mini abin yi: kada a ƙara ba shi ko sisi. Dogo ya tura masa saƙo a rubuce yana neman lasisinsa da kuɗinsa, ya adana duk amsar da ta zo. A gaya wa kamfanin da zai ɗauke shi, a nemi su rubuta cewa su suke biya. In an samu wasu da aka karɓi nasu, su zo tare. In kuma ya ƙi sakin lasisin, ana iya kai wa 'yan sanda.

"Duk wannan zai ƙare kafin Litinin?"

"A'a, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na koma gida na zayyana wa Dogo komai. Yana zaune bakin gado yana jujjuya waya. Ya riga ya samo rancen rabin cikon a wurin surukinsa.

"Inna, ita matar ofishin, in na rasa aikin nan, za ta ba ni wani?"

"Doka tana bayanka."

"Doka ba ta da mota. Manaja ke da gurbi. Ba zan sa hannu a komai ba, ba zan tura masa komai ba. Ki rufa mini asiri zuwa Litinin."

Da ni mai haƙuri ce da na zauna. Amma na yi tunani, jami'ar ta ce a samu rubutu, to ni zan samo. Ranar Juma'a da safe na hau matakalar nan ni kaɗai. Ɗakin jira ya fi ranar farko cika. Kusa da ƙofa akwai wata mata mai goyo, tana riƙe da ambulan da hannu biyu, da wani mutum mai furfura a gemu da jar hula, wanda na ji yana cewa shi ma direba ne.

Manaja bai tashi tsaye ba wannan karon. "Mama, an kawo?"

"An kusa. Wanda zai ba mu rance ya ce shi ta banki zai tura. Ka rubuta wa Dogo a waya, nawa ne cikon, da lambar asusunku. Ka san ni kaina ba ya riƙe lamba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ɓarawo ya fi kowa jin ƙanshin tarko.

"Ya ciro a banki ya ba ku a hannu."

"To rubuta mini a 'yar takarda, in nuna masa."

"Mama, ina kika je jiya?"

"Inda ƙafata ta kai ni."

Ya jingina da kujera. "Ni ban san wani ciko ba. Mu nan ba ma karɓar kuɗi a hannun masu neman aiki, doka ta hana. Ga lasisinmu can a bango."

Kun ji? A bakinsa na sake jin dokar. Ya san ta sarai, ya fi jami'ar iya faɗinta.

"Kuɗin da na kwance daga zanena na ba ka a kan teburin nan fa?"

"Wane kuɗi? Kina da rasit?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe ƙofarsa har ta bugi bango, na tsaya a tsakiyar ɗakin jira.

"Jama'a, ku saurare ni! Mutumin nan ɓarawo ne! Kamfanonin da za ku yi wa aiki sun riga sun biya shi a kanku. Ba shi da ikon karɓar ko sisi a hannunku, daga ofishin ƙwadago na ji. Wa ya biya a cikinku? Wanda ya biya ya ɗaga hannu, mu tafi tare!"

Ba wanda ya motsa. Mutum sun fi ashirin, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Mai jar hula ya juya fuska wajen taga. Na san sun biya, a idonsu na gani, irin idon Dogo ne. Mai goyon ce kawai ta buɗe jaka a hankali ta mayar da ambulan ɗinta ciki.

"Baiwar Allah, ki yi mana rai," wani saurayi ya ce ƙasa-ƙasa. "Ke kin ci kin ƙoshi, mu yau ake fitar da sunaye."

"Na ƙoshi? Uban wa ya gaya maka na ƙoshi?"

Mai gadi ya hau ya kama mini hannu. Na ce ya sake ni, na haifi wanda ya girme shi. Manaja yana tsaye a ƙofarsa, hannu a aljihu, yana cewa, "A bi ta a hankali, tsufa ne." Sakatariyar ba ta ɗaga kai daga kwamfuta ba.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da Dogo tsaye a tsakar gida, waya a hannu, matarsa ta kwashe yaran ta shige ɗaki.

"Ya kira ni," ya ce. "Ya cire sunana. Ya ce ba sa tura wa abokan hulɗarsu mai fitina. Ya ce lasisi kuma in an neme shi an gani za a kira ni."

"Dogo..."

"Kwana uku na roƙe ki, Inna. Kwana uku kawai."

Ban ba shi haƙuri ba. Na so in ba shi, bakina ya ƙi, don in na ce na yi kuskure kamar na ce Manaja ya yi daidai ne. Na ce masa, "Yanzu ba abin da zai ƙara ƙwace maka. Tura masa saƙon." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Amma ya zauna a kan turmi ya rubuta, ya nemi lasisinsa da kuɗin da aka biya, ya faɗi rana da adadi. Amsa ba ta zo ba.

Litinin da sassafe ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi kamfanin kayan sanyin hannu wofi. Na bi shi. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba, a mota ma bai zauna kusa da ni ba. Harabar tana da faɗi, fararen motoci jere, injinan sanyinsu suna gurnani. Shugaban direbobin ya fito da kofin shayi, mutum mai tumbi da saurin magana. Ya saurari Dogo har ƙarshe.

"Wallahi na so ka, hannunka yana da kyau. Amma ba lasisi ba makulli, in wani abu ya faru a hanya ni za a kama. Kuma sun aiko da wani a madadinka tun ranar Juma'a. Kaya ba sa jira, narkewa suke."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku da kuke biyansa, ba ku taɓa tambayar direbobinku ko an karɓi nasu ba?"

Ya sosa ƙeya. "Mama, ni motoci nake kula da su. Amma zan kai maganar sama. Takardar cewa mu ke biya kuwa, wannan gaskiya ce, zan sa ofis su rubuta muku." Ya ce wa Dogo in lasisi ya dawo ya riƙa leƙowa, ko da wani gurbi zai buɗe, amma bai yi alkawari ba.

Muna tsaye aka buɗe ƙofar harabar. Mota ta fito a hankali, ta wuce ta gabanmu. Mai jar hula ne a sitiyari. Ya gan ni, ya gane ni, ya kau da kai. Ban ji haushinsa ba. Shi ma yana da masu jiransa a gida, kuma na san abin da ya biya kafin ya hau kujerar nan. Dogo ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

Daga nan bai nufi gida ba. Ya ce, "Ina ne ofishin ƙwadagon?" Na kai shi. Jami'ar ta ba shi fom, ya cike, ya sa hannu, ta ɗauki hoton saƙon da ya tura, ta rubuta bayanina ta karanta mini, na dangwala yatsa. Sannan ta ɗaga waya a gabanmu ta kira Manaja, ta faɗi sunanta da ofishinta, ta tambaye shi ko akwai lasisin tuƙin wani a aljihun teburinsa. Washegari ɗan acaɓa ya kawo shi cikin ambulan, wai an same shi a cikin fayil, mantuwa ce. Abin da aka hana mu mako guda, waya ɗaya ta fito da shi, bayan mota ta riga ta tafi.

Kuɗi kuwa har yanzu yana cewa bai san zancen ba. An sa ranar zama, an aika masa takardar gayyata. Kamfanin kayan sanyi sun ba da tasu takardar. Mai goyon nan ta neme ni har kasuwa, ta ce ita ba ta kai ga biya ba, amma an faɗa mata farashi da rasit da farashi ba rasit, kuma za ta faɗa in an tambaye ta, in mijinta ya bari. Jami'ar ta ce wannan zai taimaka. Ban sani ba ko zai isa.

Dogo yana gaishe ni da safe, yana gaishe ni da yamma, iyakarta ke nan. Yana fita neman lodi a tasha, wata rana ya samu, wata rana ya dawo da ƙura a takalmi. Matarsa tana kawo mini abinci ta ajiye ta fita. Maƙwabta sun rabu biyu, wasu na cewa na yi daidai, wasu na cewa tsohuwa ta kashe wa ɗanta aiki da bakinta.

To ni ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Ranar zaman nan zan je, a gaba zan zauna. Manaja ya zo ya dubi idona ya sake cewa wane kuɗi. Kamfanin da ke biyansa su zo su faɗi yadda aka yi direbobi suka cika musu haraba ba su taɓa tambayar ko ɗaya abin da ya biya kafin ya shigo ba. Wanda ya buga hatimi ya sabunta masa lasisi bara, shi ma a kira shi, ya gaya mini ko ya taɓa hawa matakalar nan ya ga ambulan a cinyar mutane. Ɗana ya ci gwaji, hannunsa ya fi na kowa, yana zaune a gida. Wani ya tashi tsaye ya amsa mini wannan.